Injin Bayan Bango

Sama'ilu direba ba mai yawan magana ba ne. Ko a tashar Ɗanbatta, inda kowa bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, shi in motarsa ta cika sai dai ya yi bismilla ya kama hanyar Kano. Motar ba tasa ba ce, ta wani dillalin gyaɗa ce mai suna Muhammadu Sani, wanda ya danƙa masa makulli saboda shaidar da aka yi masa cewa ba ya gudu, ba ya shan komai, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba. Da wannan makulli ake cefane a gidansa, da shi ake biyan haya, da shi 'yarsa Asiya ke zuwa makaranta. Sama'ilu mutumin wajen Tofa ne, gonar gadonsu tuni aka raba ta har ba ta isa a juya garma ba. Don haka duk ranar da aka karɓe makullin nan, ba shi da inda zai dafa.

Yana zaune da matarsa Hure a gidan hayar Alhaji Ɗan Iya da ke bayan kasuwa, su da wani tela da wani mai sayar da takin zamani. Zama lafiya lau, har ranar da Hashimu mai ƙanƙara ya kama shagon ƙofar gida da ɗakin da ke jikinsa. Ya zo da manyan firizoji da wani janareta da sai da ƙarti suka kama masa kafin ya sauka daga kura. Wutar lantarki a unguwar nan baƙuwa ce, in ta leƙo yau ba a sake ganinta sai ta ga dama, saboda haka sana'ar Hashimu kaf a kan injin take. Ba zai bar shi a waje ba don ɓarayi. Wuri ɗaya ne a gidan da za a iya yi masa kejin ƙarfe, wato lungun da ke tsakanin katanga da bayan ɗakin Sama'ilu. Nan aka girke shi, bakin salansarsa na kallon bangon da Sama'ilu ke jingina kai.

A faɗi gaskiya, Hashimu ba mugu ba ne, kuma ya san kan duniya. Tun kafin ya tayar da injin ya bi ɗaki-ɗaki da nannaɗen waya a kafaɗa. Kowa aka ja masa ƙwan fitila ɗaya da wurin cajin waya, kyauta. Gida ya ɗauki albarka. Hure har guɗa ta kusa yi, don ta gaji da tuƙa tuwo da tocila a baki. Sama'ilu ma ya yi godiya, ya riƙe wa Hashimu tsani. Babu yaro a cikinsu, kowa ya san wayar nan toshiyar baki ce, amma haske daɗi gare shi. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ruwan leda ba ya zama ƙanƙara sai an rufe firiza an bar shi ya kwana da wuta. Don haka da an sallame magariba Hashimu zai ja igiya, ba kuwa zai kashe ba sai gari ya waye, sai dai ɗan tsayawar da yake yi cikin dare don ya ƙara mai. Sauran 'yan haya ɗakunansu na can ƙetaren tsakar gida, ƙarar na isar musu kamar kukan jirgi daga nesa, har ma tana sa su barci. Shi kuwa Sama'ilu a cikin kansa injin yake kwana. Kwanukan Hure na rawa a kan kanta, bango na karkarwa, hayaƙi na biyo taga. In an rufe tagar zafi ya dafa su, in an buɗe a tashi da ciwon kai. Ya cusa auduga a kunne, ya mayar da shimfiɗa falo, ya gwada tsakar gida sauro ya koro shi. Hure da Asiya sukan rama barcinsu da hantsi ko bayan azahar. Shi a lokacin yana kan kwalta da rayukan mutane a bayansa.

Ya yi wa Hashimu magana sau ɗaya, irin maganar da ake yi wa wanda aka ci abinsa.

"Malam Hashimu, injin nan naka akwai lafiya. Ko kurma ya san yana aiki."

Hashimu ya gane sarai. Ya ce, "Wallahi Malam Sama'ilu ina jin kunyarka. Ka ga sola ta fi ƙarfina, in kuwa na kashe shi da dare, da safe ruwa zan tarar. Amma bari in kira mai walda."

Ya cika alkawari, aka yi wa salansa faci. Ƙarar ta ɗan lafa, ba a rufa mako ba facin ya ɓalle, ta dawo har da ƙari. Sama'ilu bai iya sake buɗe baki ba.

Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Wata rana da azahar, yana dawowa daga Kano, hanya ta miƙe tsakanin gonaki, fasinja duk sun yi shiru, sai kawai ya ji hon ɗin tirela a tsakiyar kansa. Ya buɗe ido ya ga ya bar hannunsa ya shiga na masu tahowa. Ya fizgo sitiyari, tirelar ta wuce iskarta na kaɗa motar. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, lafiya?" Ya ce rami ya kauce wa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf har ya iso tasha. Bayan 'yan kwanaki abin ya sake faruwa, wannan karon a gefen titi ya farka, tayoyi na cin tsakuwa. Ya ci goro har haƙoransa suka yi ja, ya sha shayi baƙi, duk a banza. Tsoro ya kama shi sosai, irin tsoron da ba ka da wanda za ka gaya wa.

Hure kaɗai ya gaya wa. Ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ce, "Baban Asiya, ka samu liman ya raka ka wurin Alhaji. Ko ka je kai kaɗai bayan asuba ka durƙusa ka faɗa masa. Gidansa ne, shi zai ce a matsar da injin."

"In na ɗauki liman, gari ya ji na kai ƙarar maƙwabcina. In na je ni kaɗai, kin san ni, gaban manya harshena ɗaurewa yake. Takarda zan rubuta."

"Takarda kuma? Sai ka ce kotu?"

"Takarda ba ta da baki, Hure. A rufe za ta je, shi kaɗai zai gani, ya kira Hashimu gefe su daidaita. Ba wanda zai ji kunya."

Da ma Sama'ilu ya yi sakandare, kuma yana ɗan ji da rubutunsa. Ya yago takarda daga tsakiyar littafin Asiya, ya zauna ƙarƙashin ƙwan fitilar Hashimu ya tsara ta tsaf. Da yake a ganinsa tsakaninsa da Alhaji ne kawai, bai ɓoye komai ba. Duk abin da bakinsa ya kasa furtawa, alƙalami ya zubar da shi. Ya sa a ambulan ya liƙe. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tari Alhaji, ya russuna ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, in ka keɓe ka duba." Alhaji ya jefa a aljihun babbar riga ya ce to, madalla.

Abin da duk haifaffen unguwar ya sani, Sama'ilu baƙo bai sani ba, shi ne Alhaji Ɗan Iya bai taɓa karanta boko ba. In ajami ne ko Alƙur'ani, nan ba a kama ƙafarsa. Amma duk wata takardar boko, ta haraji ce ko ta gayyatar ɗaurin aure, tara ta yake sai ranar kasuwa. Ranar ne bayan la'asar amininsa Malam Tajuddeen, tsohon hedimasta, yake zuwa majalisar ƙofar gidansa ya karanta masa. Shi kuwa Malam Tajuddeen tun da ya bar aiki babu abin da yake kewa kamar taron ɗalibai da safe, saboda haka ko rasit aka ba shi sai na ƙarshen layi ya ji.

Ranar kasuwa Alhaji ya kira Sama'ilu a waya ya ce ya zo bayan la'asar, a duba takardarsa yana nan. Sama'ilu ya taho da ɗan farin cikinsa. Yana shawo kwana gabansa ya faɗi. Ƙarƙashin darbejiya tabarmi sun cika: dillalan hatsi, masu awo, wasu manoman albasa daga Watari, har da wani ɗan kamasho na tasharsu da ya zo gaisuwa. Ga tela maƙwabcinsa, ga kuma Hashimu a gefe da kular ruwan sanyi, wadda ya saba kawo wa majalisar duk ranar kasuwa. Ambulan ɗin na hannun Malam Tajuddeen, yana goge tabarau.

Sama'ilu ya tsuguna ya gaida mutane, ya matsa kusa ya ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, da dai a ɗan keɓe."

"Haba Sama'ilu, nan duk gida ne. Malam, bismilla."

Malam Tajuddeen ya yage ambulan, ya gyara murya.

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali. Alhaji, dalilin wannan takarda shi ne injin maƙwabcina Malam Hashimu da ke kwana yana aiki a jikin bangon ɗakina. Ba ƙararsa nake kawowa ba, mutumin kirki ne, neman abincinsa yake. Amma rabona da barcin kirki tun da aka kawo injin. Sauran mutanen gida ma suna ƙorafi a ɓoye, kunya ce ta hana su faɗa."

Tela ya zabura kamar an ɗana masa wuta. "Wa? Ni dai ban ce ba! Alhaji, ni barcina nake har da minshari."

Aka yi dariya. Malam Tajuddeen ya ɗaga hannu irin na masu tsawatar wa aji, ya ci gaba, yana ba kowace kalma haƙƙinta.

"Alhaji, abin da ban gaya wa kowa ba bayan iyalina sai kai, saboda kai uba ne, har sau biyu barci ya sace ni ina tuƙi da fasinja cike da mota. Na farko saura ƙiris tirela ta bi ta kanmu, Allah ne ya kiyaye. Ina tsoron kada in kashe bayin Allah. Ina roƙon Alhaji, don girman Allah, a matsar da injin ko a riƙa kashe shi in dare ya raba. Ina roƙo kuma wannan magana ta tsaya tsakanina da kai."

Har wannan jimlar ta ƙarshe sai da ya karanta ta da ƙarfi, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya sauke takardar a hankali ya kasa kallon kowa. Ɗaya daga cikin manoman albasa ya ce, "Inna lillahi! Ni fa a motarsa na aika iyalina asibiti wancan makon." Sama'ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya saci kallon ɗan kamashon nan, ya ga ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Alhaji ya juya wurin Hashimu. Idon Hashimu ya kaɗa ya yi ja, ya ce:

"Alhaji, ni ban taɓa cin abinci na hana mutumin nan ba. Na ja masa wuta, na gyara salansa da ya yi magana. Da ya sake zuwa ya same ni, ai da mun san yadda muka yi. Amma takarda? A rubuta sunana a takarda a karanta a gaban jama'a, sai ka ce ɓarawo? In kuma an ce in fitar da injin waje, a nuna mini wanda zai biya ni in an sace."

Nan fa kowa ya samu abin cewa, kuma ba wanda ya ƙara tuna injin. Maganar ta koma kan ladabi. Wani ya ce zaman tare ba a yi masa rubutu. Wani ya ce 'yan boko ke nan, ba sa iya duban idon mutum. Alhaji ya bari suka gama, sannan ya yanke hukunci irin na mai gidan da ba ya son rasa ɗan haya ko ɗaya, musamman mai shago.

"Sama'ilu, ka yi kuskure, amma an yafe. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Lungun nan shi kaɗai ne wurin ajiye inji a gidan, ni kuma ba zan hana mutum neman halaliyarsa ba. Hashimu, ka sake duba salansar. Kai kuma ka yi haƙuri, kunne sabo yake yi. Ku tashi ku gaisa."

Suka gaisa, aka shafa fatiha. Sama'ilu ya tako gida. Hure ta dubi fuskarsa, ta ajiye masa ruwa ta koma madafa tana share ido da gefen zani.

Magana zarar bunu ce. Washegari ko da ya isa tasha, labari ya riga shi. Layinsa ya zo, ɗan kamasho na kiran Kano, Kano, amma mutane sai su leƙa su ga direban, su ce za su jira ta gaba. Wata mata da ta riga ta shiga da kajinta, aka raɗa mata wani abu, ta fito tana cewa ita 'ya'yanta ƙanana ne. Abokan aikinsa masu tsokana suka fara kiransa Na-gyangyaɗi, wasu kuma suka daina haɗa ido da shi, wannan ya fi yi masa ciwo. Ya wuni a tasha bai yi sawu ko ɗaya ba. Abin takaicin, da ya kwantar da kujera don ya ɗan runtsa tunda ba aiki, sai ya tuna idon mutane na kansa, ya miƙe ya zauna.

Ba a jima ba mai motar, Muhammadu Sani, ya aiko a kira shi. Ya same shi a rumfarsa cikin buhunan gyaɗa. Mutumin bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Sama'ilu, abin da aka ce ka rubuta, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, maigida."

"To ka ga ni ban taɓa kama ka da ha'inci ba. Amma yanzu na sani, gari ma ya sani. In wani abu ya faru gobe, me zan ce wa mutane, me zan ce wa Allah? Kawo makullin tukuna. In ka samu wani gidan ka huta, sai mu sake magana."

Sama'ilu ya ciro makullin ya ajiye a kan buhu. Ya so ya ce da wane abin zai kama wani gidan in babu motar, amma harshen nan nasa ya ɗaure kamar kullum. Kafin mako ya zagayo ya hango motar ta wuce da wani direban a ciki, an ma canza mata labulen gilashin baya.

Ya zaga neman wata motar har Kazaure, ko'ina labarin ya riga shi, don direbobi ba su da abin yi a layi sai hira. Ya gwada dako a kasuwa, bayansa ya ƙi. Hure ta sayar da akuyarta, daga baya ta fara sayar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya. Injin kuwa bai fasa ko dare ɗaya ba.

Wata rana da yamma yana zaune a dakalin ƙofar gida, Hashimu ya fito daga shago ya tsaya kusa da shi. Tun ranar majalisa gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya daɗe yana murza hula a hannu kafin ya yi magana.

"Malam Sama'ilu, wallahi ban so abin ya kai haka ba. Ni ma tashin daren nan ya fara kayar da ni, ga shago da rana. Ina neman wanda zai riƙa kwana da injin, ya duba baƙin mai, ya kashe ya ƙara fetur in ya yi ƙasa, ya sa ido kan ɓarayi. Kai ka san kan inji, kuma..." Ya ƙarasa da ƙyar. "Kuma dai ba barcin kake ba. Abin da zan ba ka ba yawa, amma zai sayi masara."

Ba gatse yake yi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya sa maganar ta fi zafi ke nan. Sama'ilu ya dubi ƙasa. Daga cikin gida yana jin Hure na kankare ƙasan tukunya, Asiya na tambayarta ko akwai saura.

"Yaushe zan fara?"

"Ko yau."

Da aka sallame magariba Hashimu ya ba shi ɗan makullin kejin. Ya shiga lungun, ya tsuguna ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya buɗe fetur, ya ja cok. Tagar ɗakinsa na saman kansa a buɗe, yana jin Hure na karkaɗe tabarma tana ce wa Asiya ta zo ta kwanta tun kafin a tayar. Ba ta san wanda ke lungun ba, bai iya gaya mata ba tukuna. Ya naɗe igiyar a hannu, ya yi bismilla, ya ja.